Raba dogon bidiyo babi-babi: da hannunka, na YouTube, ko na kod?

Duk mai ɗora dogon bidiyon koyarwa ya san wannan ciwon kan. Ka zauna ka ɗauki darasi na minti arba'in da wani abu, komai na ciki, amma wanda ya shiga Google yana neman abu ɗaya tak, misali yadda ake yanka wuyan kaftan, ba yadda za a yi ya san cewa amsarsa na kwance a minti na 19 na bidiyonka. Ko ya buɗe ma, data ba za ta bar shi ya zauna yana ja gaba yana ja baya ba, fita zai yi ya tafi wurin wani. Maganin shi ne ka sa lokaci da sunan kowane sashe, yadda jan layin nan na ƙasan bidiyo zai rabu gida-gida a YouTube, Google kuma ya iya nuna sashe ɗaya shi kaɗai a sakamakon bincike. Google ya fara nuna irin wannan tun 2019, suna kiransa `Key moments`, YouTube kuma ya kawo babi a 2020. Hanyoyin yi dai uku ne, kuma mutane na ruɗewa wajen zaɓa, musamman mu da darasinmu da Hausa ne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani masta ne mai shagon ɗinki a Aboabo nan Kumasi, yaronsa ya riƙe masa waya ya ɗauki yadda ake ɗinka kaftan na maza tun daga awo har guga, bidiyon ya kai minti 47 da sakan 30, ya ɗora a YouTube. Maganar da yake yi Hausa ce irin tamu ta zango, nan ya jefa Turanci, can ya amsa gaisuwar kwastoma da Tuwi, ga ƙarar keke ga hon ɗin mota a titi. Masu neman irin wannan darasi yawancinsu yara ne masu koyon aiki, daga Asawase, Sawaba, Nima, Tamale, har Kano da Yamai, kuma kusan kowannensu ya iya wani abu ya kasa wani abu. Wanda ya iya awo ba awo yake nema ba, tsagar gaba ce ke ba shi wahala.

Hanya ta farko ita ce ya rubuta da hannunsa a akwatin `Description`. Sharuɗɗan YouTube a nan ba su da yawa amma ba sa ɗaga ƙafa ko kaɗan. Lokacin farko dole ya zama `00:00`. Dole a samu aƙalla lokuta uku, a jere daga ƙarami zuwa babba. Kowane babi kuma kada ya gaza sakan 10. Google ya ƙara da cewa kowane lokaci ya zauna a layinsa shi kaɗai, sunan ya biyo shi a kan wannan layin, kuma sunan ya zama aƙalla kalma ɗaya. Na mastanmu zai fito kamar haka:

```
00:00 Dinkin kaftan na maza: kayan aiki
02:10 Yadda ake awon kaftan
08:45 Shimfida yadi da zane da alli
14:20 Yanka gaba da bayan kaftan
19:05 Yadda ake yanka wuyan kaftan
25:40 Dinkin tsagar gaba da botin
33:15 Aljihun gefe na kaftan
38:50 Yadda ake hada hannun kaftan
44:30 Kalmasa da guga
```

Babi tara kenan a minti 47, wato yawancinsu kamar minti biyar zuwa bakwai, kuma a ganina hakan ya yi daidai da irin wannan darasi. Ba doka ba ce, amma ga dalili. In ka yi babi uku kawai, na tsakiya zai haɗa wuya da tsaga da aljihu wuri ɗaya, to mai neman aljihu ya faɗo a wurin wuya, ba ka taimake shi ba. In kuma ka zaƙe ka yi babi talatin, a waya jan layin zai zama ƙanana-ƙananan yanki da yatsa ba ya iya kamawa, sannan sunayen za su fara maimaita juna. Abin dubawa shi ne, shin akwai wanda zai ɗauki waya ya nemi wannan abin shi kaɗai? Akwai mai neman yadda ake haɗa hannu. Babu mai neman wurin da masta ya canza zare.

Ka lura da yadda kalmar kaftan ke ta dawowa a sunayen. Da gangan ne. A cikin YouTube, wanda ke kallo ya riga ya san bidiyon kaftan ne, ko `Wuya` kawai ka rubuta zai gane. Amma a Google sunan babin yana fitowa a gaban wanda bai san ka ba, kuma injin da kansa yana dogara da abin da ka rubuta ne wajen haɗa sashen da tambayar mutum. Shi ya sa sunaye irin su Kashi na ɗaya, Kashi na biyu, Ci gaba, Kammalawa ba su da amfani ko na sisi a bincike, duk da cewa za su raba layin tsaf. Nan ne mutane da yawa ke yin asara, sun cika sharuɗɗa, layi ya rabu, sun ji daɗi, amma ba wanda zai taɓa rubuta "kashi na biyu" a Google da niyyar ganin aljihun kaftan. A gefe guda kuma kada sunan ya yi tsawo, domin a waya yanke shi ake yi, saboda haka kalmar da ta fi muhimmanci ta zo da wuri.

Za ka ga kuma na rubuta jerin ba tare da ƙugiya ba, `Dinkin` da `hada` da `Shimfida`. Ni a rubutu ina son ƙugiya, amma gaskiyar magana yawancin mutanenmu ba su da ita a kibod ɗin wayarsu, kuma yadda suke bugawa haka ya kamata sunan babi ya zauna. Hanya mai sauƙi ta sanin abin da suke bugawa: ka shiga akwatin binciken YouTube ka fara rubuta "yadda ake yanka", ka ga abin da zai ƙarasa maka da kansa. In kuma bidiyon ya ɗan kwana biyu, ka shiga YouTube Studio, `Analytics`, sai `Reach`, ka duba ƙarƙashin `YouTube search`, zai nuna maka ainihin kalmomin da suka kawo mutane. Nan Gana sau da yawa yaron da Hausa yake yi a gida da shago, in ya zo bincike Turanci yake bugawa domin shi ya koya rubutawa a makaranta. In ka ga haka a naka, ba laifi ka haɗa biyun a babin da ya fi jan mutane, kamar `19:05 Yanka wuyan kaftan - kaftan neck cutting`, amma ba kowane layi ba, in ba haka ba jerin zai cushe.

Aikin da ke cikin wannan hanya shi ne kallon bidiyon. Dole ka zauna ka bi shi da biro da takarda, ko ka buɗe wurin rubutu a wayar. Ka sa gudu a `1.5x` ko `2x`, duk inda aiki ya canza ka tsayar, ka ja baya kaɗan ka rubuta lokacin. Ja bayan nan yana da muhimmanci. In masta ya ce "to yanzu za mu yanka wuya" a 19:07, ka sa 19:05, domin wanda ya faɗo daga Google ya ji jimlar tun daga farkonta ya tabbatar ya zo daidai. In ka sa 19:12 zai tarar almakashi ya riga ya shiga yadi, bai ga inda aka auna ba, sai ya ɗauka darasin ne bai cika ba. Bidiyon minti 47 zai ci maka kamar rabin awa zuwa minti arba'in. Wanda kuma yake shirin ɗaukar sabo, ya saba da faɗin sunan sashe da baki kafin ya fara shi, yana sauƙaƙa komai daga baya.

To in ka ajiye kuma layin bai rabu ba fa? Kusan kullum ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne. Wanda ya fi yawa, mutum ya fara da `02:10` domin a ganinsa gaisuwa da gabatarwa ba babi ba ne, babu `00:00`, shikenan duka jerin ya tashi a banza. Sai mai sa ɗigo ɗaya a maimakon biyu, `19.05` a wurin `19:05`. Sai wanda ya yi kuskuren jeri, ya sa 33:15 kafin 25:40. Sai babin da bai kai sakan 10 ba, yawanci na farko ne, mutum ya sa `00:00 Sallama` sannan `00:06` ya fara darasi. In bidiyo ya wuce awa ɗaya kuma sai an rubuta awar, `1:02:15`. Yadda za ka gane inda matsalar take: ka buɗe bidiyon kamar ɗan kallo, in lambobin ba su zama shuɗi ba, ba sa dannuwa, to rubutun lokacin ne ba daidai ba. In sun zama shuɗi suna dannuwa amma jan layin na nan a haɗe, to ɗaya daga cikin sharuɗɗan ne ya karye, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In duk sun cika kuma har yanzu shiru, ka leƙa `Settings`, `Channel`, `Feature eligibility` ka ga matsayin tashar, domin tashar da ke da `strike` a kanta, wato hukuncin karya dokar YouTube, ba ta samun babi, haka ma bidiyon da YouTube ya ga bai dace da wasu masu kallo ba.

Akwai wani abu da ke yaudarar mutane, wato sa jerin lokutan a kwament a maƙale shi a sama. Lambobin za su dannu, masu kallo za su yi ta godiya, amma wannan ba babi ba ne, layi ba zai rabu ba, kuma abin da Google ya ce yana karantawa shi ne na `Description`. In kana so ka sa a duka biyun ba matsala, amma na kwament kaɗai bai isa ba.

Hanya ta biyu ita ce ka bar wa YouTube ya raba da kansa. A YouTube Studio in ka buɗe `Details` na bidiyo ka danna `Show more`, akwai ɗan akwati a ƙarƙashin `Automatic chapters`, kuma ga sabbin bidiyo yana zuwa ne a kunne. Daɗinsa a fili yake, ba ka yi komai ba. Wanda ke da tsofaffin bidiyo ɗari a tasha ba zai zauna ya bi su duka ba, wannan ya fi babu. Amma kunna akwatin ba alkawari ba ne, YouTube da kansa ya ce ba kowane bidiyo ke samu ba, kuma ba za ka samu wani saƙo da zai ce maka naka bai samu ba, sai dai ka buɗe ka gani. Sannan injin yana yanke hukunci ne da abin da ya iya ji da abin da ya iya gani. Darasin da aka yi da Turanci a ɗaki shiru, da rubutu na fitowa a fuskar bidiyo duk lokacin da aka canza magana, ya ba shi abin kamawa. Na mastanmu kuwa, waya a kafe wuri ɗaya tana kallon tebur na tsawon minti 47, yadi launi ɗaya, harshe uku a gauraye, keke na ƙara. Me zai kama?

Ko ya raba ma, abu biyu ne ba su hannunka, inda ya yanka da sunan da ya sa. Injin bai san cewa a wurin tela tsagar gaba aiki ne mai zaman kansa ba, zai iya haɗa ta da wuya domin duk a wuri ɗaya hannun masta yake. Sunan kuma zai iya zuwa da faɗi, irin wanda ba ya nuna komai, ko da harshen da masu nemanka ba da shi suke nema ba. Abu mai kyau dai shi ne da zarar ka rubuta naka a `Description`, naka ne ke hawa kan nasa, ba sai ka kashe komai ba. Google ma ya faɗa cewa yana ƙoƙarin gano sassan bidiyo da kansa, amma in mai bidiyo ya sa nasa, su yake fifitawa. Saboda haka ni yadda nake kallon ta atomatik, kamar awon da yaron shago ya ɗauka ne ranar da masta ba ya nan, a duba shi, wani lokacin ya dace, amma ba a sa almakashi a yadin mutane da shi sai an sake aunawa. In ka buɗe ka ga ya raba, ka kwafi lokutan da suka yi daidai, ka gyara sauran, ka sa sunayenka.

Hanya ta uku ta masu websait ce, kuma a nan ne ake cin kuɗin mutane. Wani zai zo ya ce maka sai ya sa maka kod kafin Google ya nuna babinka. In bidiyonka a YouTube yake, ba ka buƙatar wannan, jerin `Description` ya gama aikin. Kod ɗin na wanda bidiyonsa ke zaune a shafinsa ne, misali makarantar koyon ɗinki ko islamiyya mai websait da fileyarta, wato abin da ke kunna bidiyon a shafin. Iri biyu ne. Na farko `Clip`, inda kai ne ke faɗa wa Google sunan kowane sashe da sakan ɗin da ya fara da wanda ya ƙare, a cikin `VideoObject` na shafin, wato kod ɗin da ke yi wa Google bayanin bidiyon. Babin wuya na misalinmu zai zama haka:

```json
"hasPart": [{
  "@type": "Clip",
  "name": "Yadda ake yanka wuyan kaftan",
  "startOffset": 1145,
  "endOffset": 1540,
  "url": "https://example.com/kaftan?t=1145"
}]
```

Lissafin da sakan ake yi, ba da minti ba. 19:05 shi ne 19 sau 60, wato 1140, a ƙara 5 ya zama 1145. Babin gaba yana farawa a 25:40, wato 1500 da 40, ya zama 1540. Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta 1905, wanda a sakan ya kai minti 31 da sakan 45, mutum ya danna wuya ya faɗo kusan ƙarshen tsaga. Sharuɗɗan nan su ma kaɗan ne: bidiyo ya kai aƙalla sakan 30, kada sassa biyu su fara a sakan ɗaya, sannan babba a cikinsu, dole link ɗin ya yi aiki da gaske. Wato in an buɗe adireshin mai `?t=1145` a ƙarshe, fileya ta yi tsalle zuwa wurin da kanta. Wannan ba ya faruwa haka kawai, sai wanda ya gina shafin ya haɗa shi. Kafin ka biya kowa ko sidi ɗaya, ka kwafi link ɗin ka buɗe a wayarka, in ya fara daga farko to aikin bai yi ba, komai kyan kod ɗin. Akwai kuma `Rich Results Test` na Google, kyauta ne, ka sa adireshin shafin zai nuna maka ko ya karanta bayanin da kuma inda ya ga kuskure. Shafin ma ya kamata ya zama na bidiyon ne, shi ne babban abin da ke ciki, ba doguwar kasida ba da aka liƙa bidiyo can ƙasa.

Iri na biyu `SeekToAction` ne, inda ba ka rubuta sunaye, kana nuna wa Google yadda link ɗinka ke tsalle ne kawai, shi ya raba da kansa. Ba sai mun daɗe a kansa ba. Google ya jera harsunan da yake yi wa wannan, irin su Turanci, Faransanci, Sifaniyanci, Jamusanci, Turkanci da wasu, kuma Hausa ba ta ciki. `Clip` da jerin `Description` kuwa ya ce suna aiki a duk harshen da binciken Google ke aiki. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama ga mai darasin Hausa: duk hanyar da kai ne ke rubuta sunan a buɗe take gare ka, wadda inji ke rubutawa ita ce ke da shinge.

Sai masu websait da suka ɗauko bidiyonsu na YouTube suka liƙa a shafi, waɗannan su ne a tsakiya. Za a iya sa `Clip` a shafin, amma sai an yi ɗan kod da zai karɓi lambar `t` ya miƙa wa fileyar YouTube a matsayin `start`, kuma bayan duk wannan wahalar bidiyon yana nan a YouTube, Google na iya zaɓar ya nuna na can. Ga ƙaramin shago ban ga ribar ba. Ka gyara na YouTube ɗin, ka sa lambar waya da link ɗin shafinka a layukan farko na `Description`, jerin babi ya biyo baya. Wurin na ɗaukar haruffa 5000, ba zai cika ba.

Wani zai ce to me zai hana a yanyanka bidiyon gida tara a ɗora kowane daban? Tambaya ce mai kyau, domin bidiyo mai zaman kansa yana da takensa da hoton fuskarsa da kai ka zaɓa, babi kuwa suna kawai gare shi. Abin dubawa shi ne ko sashen zai iya tsayuwa shi kaɗai. Yanka wuya ya dogara da awon da aka ɗauka a minti na 2 da zanen da aka yi a minti na 8, wanda ya faɗo a 19:05 ya ji masta ya ce "kamar yadda muka auna ɗazu", da babi zai ja baya nan take ya gani ya dawo. In an raba su sai ya fita neman wani bidiyon, wataƙila ba zai dawo ba. Amma aljihun gefe bai dogara da komai ba, ana sa shi a kaftan ana sa shi a jallabiya, wannan ya cancanci a sake ɗaukarsa shi kaɗai na minti biyar. Ka bar lambobi su gaya maka, a `Analytics` ƙarƙashin `Engagement` akwai zanen da ke nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke tsallakewa, duk babin da ka ga layin ya yi tudu a kansa, shi ne ake nema.

Wannan zanen kuma shi ne ke tsorata wasu su ƙi sa babi, wai mutane za su tsallake, lokacin kallo ya ragu. Eh, za su tsallake. Amma ka tuna waye ke kallon, yaro ne da ya sayi ɗan bandil da MoMo, ga yadi a kan tebur masta zai dawo bayan la'asar. Ba zaɓi ba ne tsakanin ya kalli minti 6 ko minti 47, ko dai ya kalli 6 ɗin da yake buƙata ko ya fita a minti na farko. A bidiyon labari ko hira maganar daban ce, a can tsallake yana ɓata abu, amma mu darasi muke magana.

Abu na ƙarshe da ke ɓata aikin hannu shi ne gyara bayan an ɗora. A ce masta ya ga gaisuwar farko ta yi tsawo, ya shiga `Editor` na YouTube Studio ya datse sakan 40. Link ɗin bidiyon bai canza ba, amma duk abin da ke bayan wurin ya matso, rubutun `Description` kuwa yana nan yadda ka bar shi. Wuya ya dawo 18:25, tsaga ta dawo 25:00, aljihu 32:35, haka har ƙasa. Layi zai ci gaba da nuna a rabe kamar lafiya ƙalau, sai dai kowane babi ya makara da sakan 40, kuma ba abin da zai sanar da kai sai wani ya yi ƙorafi a kwament. Duk ranar da ka taɓa `Editor`, ka jira ya gama, ka bi jerin ka rage. Mai `Clip` shi ma haka, har da lambar da ke cikin link.

To ga yadda zan raba. Bidiyon Hausa a YouTube, da hannu, ba wata shawara. In tsofaffin suna da yawa, ka bar akwatin atomatik a kunne ga duka, sannan ka duba guda biyar ko goma da suka fi samun mutane daga bincike ka fara rubuta musu, sauran a hankali. Bidiyo a websait ɗinka da fileyarka, `Clip`, bayan ka gwada link da kanka. Kuma ko wacce ka bi, ka sani cika sharuɗɗa yana sa ka cancanta ne kawai, Google ne ke yanke ko zai nuna sassan da kuma ga wace tambaya, ba ya kuma ɗauka nan take kamar yadda layin YouTube ke rabuwa. In za ka gwada, ka buɗe `Incognito` domin tarihin bincikenka kada ya ruɗe ka, ka buga sunan babin yadda ɗan koyo zai buga, ba taken bidiyon ba. In bidiyon ya fito amma ba sassa, ka ba shi lokaci ka sake dubawa. In bidiyon bai fito ba sam, matsalar ba ta babi ba ce, ka koma kan take da layukan farko na `Description` tukuna.